Yadda Na Sa Ubana a Kasuwa

"Ke 'yar nan, ashe ubanki kika sa a kasuwa ba mu da labari?"

Da wannan Gwaggo ta buɗe min waya wata Talata da hantsi, ba sallama ba gaisuwa. Gwaggo ƙanwar Baba ce, kuma ita kaɗai ce a duniya za ta yi min faɗa ta waya in sami kaina a tsaye. Na ce, "Gwaggo, ina kwana. Wace kasuwa kuma?"

"Ta cikin wayar nan mana, ta kamfaninku. Ga shi nan ina kallonsa. An rubuta a gefensa wai tsoho ne amma yana aiki, sai dai yana ɗan ƙara da safe. A ƙasa ga shi nan kuma, wai sai an tura yake tashi. Na ƙasan wannan an ce ba ya shan mai da yawa. Yayan nawa? Uwa ɗaya uba ɗaya?"

Na ce mata ina zuwa, na kashe wayar, na buɗe manhajarmu. Firji na nan a matsayin firji, janareta janareta, babur babur. Babu Baba ko ɗaya. Har na fara cewa a raina tsufa ya fara taɓa Gwaggo, sai wani abu ya faɗo min a rai.

Bari in yi bayani, don kada a ɗauka haka kawai na tashi na tozarta mahaifina. Ni mai rubuta manhajar waya ce. Kamfaninmu ɗaki biyu ne a saman wani shagon tayoyi, mu biyar har da Manaja, kuma abin da muke da shi manhaja ce ta sayar da kayan hannu. Mai tsohuwar katifa ya ɗauki hotonta ya ɗora, mai nema ya buɗe ya ga jerin kaya, kowane layi da hoto a hagu da bayani a dama, yana ja da yatsa yana wucewa. Wata biyu kafin wayar Gwaggo, jerin nan ya ishe mu da kunya. Kana ja sai ya daskare, domin wayar tana tsayar da komai ta buɗe hoto tukun. In hoton ya iso kuma sai layin ya kumbura ya ture na ƙasa, ka kai yatsa kan keke ka danna akuya.

Ni aka ba gyaran. Na mayar da sauko da hoto da buɗe shi can bayan fage, yadda jan yatsa ba zai jira su ba. Na yanka wa kowane hoto gurbinsa mai girma ɗaya, ya zo ko bai zo ba, don layi ya daina tsalle. Sai kuma abin da za a sa a gurbin kafin hoton ya iso, hoton riƙon ƙwarya ke nan, wanda yake zaune a cikin manhajar kanta, ba ya buƙatar sabis. A al'adar aikinmu ɗan akwati ne mai ruwan toka. To ni ruwan tokan nan ba na ganinsa sosai wajen gwaji, ya zo ya wuce ban lura ba. Sai na ce bari in sa abin da idona ba zai tsallake ba. Na buɗe hotunan wayata, na farko da na tarar shi ne na Baba, wanda na ɗauka ranar sabunta katin shaida, bayan ya yi awa huɗu a kan layi. Fuskar mutum ce da ya gama fushi, ya gama haƙuri, ya koma kallon duniya kawai. Na ce nan da yamma zan cire.

Ban cire ba. Haka muka saki manhajar ga jama'a.

Za a ce mutum biyar a ofis, ba wanda ya gani? Ai ga inda gizo ke saƙar. Na tsara cewa kada hoton riƙon ƙwarya ya fito sai an yi rabin daƙiƙa ana jira, don kada allo ya riƙa walƙiya. Intanet ɗin ofishinmu kuwa kamar ruwan famfo, kafin rabin daƙiƙa hoto ya iso. Ga shi wayoyinmu sun riga sun ajiye yawancin hotunan a ma'ajiyarsu, ba sa ma sake nema. Saboda haka mu da muka yi abin ba mu taɓa ganin Baba ba. Amma wanda ke bayan gari, mai sanda ɗaya ta sabis, shi hoton firjin da mai shi ya ɗauka da cikakken girmansa, megabait huɗu, sai ya yi minti biyu ko uku yana tahowa. Duk tsawon lokacin nan ubana ne firjin.

Na je wurin mai amsa ƙorafin jama'a, tebur ɗaya ne tsakaninmu, na ce ta nuna min saƙonnin sati ukun nan. Ta ce ai ba ƙorafi, sai wasu saƙonni da ba ta gane ba ta tara su gefe. "Tsohon ya daɗe yau." "A gaida tsoho." "Don Allah tsohon na sayarwa ne ko ado ne?" Na ce mata ba komai, na ɗauki jakata na ce kaina ke ciwo.

Gidanmu yana can ƙarshen gari, bayan babban tankin ruwa, inda sabis ke zuwa kamar mai bin bashin gaisuwa, ya leƙo ya koma. Rabona da gidan wata guda, kuma ina jin kunyar faɗin haka. Dalili shi ne zuwan yana karya min zuciya. Baba ya yi shekara talatin da ɗaya a kantar gidan waya, yana karɓar wasiƙu yana miƙa wasiƙu, garin nan kaf ba wanda bai taɓa tsayawa gabansa ba. Ya yi ritaya, aka daina rubuta wasiƙa, sannan Inna ta rasu shekara biyu da suka wuce. Tun daga nan ya shige ɗaki. Labule a sake, rediyo a kashe, abinci sai Gwaggo ta tsaya a kansa. In na je in gaishe shi ya ce lafiya, in zauna, ya kalli bango, in kalli bango, in tashi.

Ina tafe a motar haya ina shirya yadda zan durƙusa in ba shi haƙuri. Da na sha kwanar tankin sai na ga taro a ƙofar gidanmu. A sanina taro a ƙofar gidan mai tsoho abu ɗaya yake nufi. Na sauka da gudu takalmi ɗaya a hannu.

Benci biyu ne, da tabarma, da mutane sun fi ashirin, kowa da waya a hannu. A tsakiya, kan kujerar roba, ga Baba. An yi aski. An sa riga mai guga, da biro a aljihun gaba.

"Na gaba," in ji shi.

Wani mai kayan kanikanci ya matso ya durƙusa ya miƙa waya. "Baba, injin ban ruwa nake son gani. Tun safe kai nake gani."

Baba ya saukar da tabarau kan hanci ya duba. "Ka yi ta ja da gudu ko?"

"Na ɗan ja."

"Ba ɗan ja ba ne. Layi nawa ka wuce kafin ka zo kan injin?"

"Za su kai talatin."

"To ka aika mutum talatin, ka ce na talatin da ɗaya ya riga su dawowa? Duk wanda ka wuce ya shiga layi a gabanka. Rufe ta gaba ɗaya, ka sake buɗewa, ka rubuta injin ban ruwa a wurin nema, ka ajiye yatsanka a aljihu. Koma benci. Na gaba."

Na tsaya baki buɗe, domin abin da ya faɗa daidai ne har ƙasa. Wayar hoto huɗu kawai take saukowa da su a lokaci guda, sauran su jira, kuma ban rubuta abin da zai soke neman hoton layin da ya riga ya wuce daga allo ba. Yana cikin jerin ayyukan da Manaja ya ce a bari sai gaba. Ni na san wannan don ni na yi ɓarnar. Shi kuwa Baba daga zama a kujerar roba ya gano.

Gwaggo ce ta ja ni zaure ta ba ni labari. Mai gyaran rediyon bakin titi ne ya fara gane fuskar. Ya zo ya yi ta sallama har Baba ya fito don ya kore shi, sai ya nuna masa wayar ya ce, tunda kai ne a ciki, ka taimaka ka matsa in ga batirin. Baba ya ce ya ba shi wuri. Mai rediyo ya zauna a dakali yana magiya, ana cikin haka sai ga batiri ya fito. Ƙofar gidanmu tana kan ɗan tudu ne, sanda biyu ake samu maimakon ɗaya, amma wa zai gaya wa mai rediyo haka? Ya koma shago, inda ko kira ba ya shiga, ya buɗe, batirin nan ya fito nan take ba jira. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka: in ka je ka gaida tsohon, ya sallame ka, hotonka ba ya ƙara ɓoyewa.

"Gwaggo, ai wayar ce ta ajiye hoton. In ta sauko da shi sau ɗaya sai ta adana a cikinta, gobe ba sai ta sake nema ba."

"To me ya sa bayan kwana uku yake sake ɓacewa, sai an dawo an gaishe shi?"

"Ma'ajiyar ce ƙarama, hotunan kuma manya. In ta cika sai ta zubar da wanda aka fi daɗewa ba a duba ba."

Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa. "Ke dai boko ya cuce ki. Mutum ya ci tuwo kwano biyu jiya, ya nemi ƙari, kina min zancen ma'ajiya."

A nan na ajiye haƙurin da na shirya tukun. Na leƙa waje. Wata mata tana yi wa Baba godiya saboda ta ga tukunyar gas. Wani dattijo ya kawo ƙarar cewa an rubuta "mace ce, ta haihu sau biyu" a gefen Baba, yana so a tabbatar masa akuya ce kafin ya biya kuɗin mota. Baba ya ce masa ya zauna, za a gani. Ya yi dariya, wallahi na ji dariyarsa, har da buga gwiwa. Rabon da in ji wannan sautin tun Inna na da rai, kuma na tsaya a zauren nan na yi kuka kamar wata sakarya.

Da jama'a suka ragu na je na durƙusa. "Baba, ni ce na sa hotonka. Kuskure ne, ka yafe min."

"Auta, da kin tambaye ni da na ba ki wanda na sa hula." Ya gyara biron aljihunsa. "Amma ba laifi. Wannan ma ya yi kama da ma'aikaci."

A ƙarshen benci akwai wata mata da ba ta tashi ba, mai goyo, tana ta juya waya. Baba ya ce tela ce, keken ɗinkinta na biyu ta ɗora tana son sayarwa, sati uku ba wanda ya kira. Ta yaya za a kira, masu son keken duk 'yan bayan gari ne, in sun buɗe shi suke gani? Kullum takan zo ta duba ko keken ya fito, datarta ta ƙare a kan hotunan wasu kafin a zo kan nata. Na ce Allah ya kawo mai saye, na kawar da kai, don a lokacin ba ta ita nake ba.

Na koma ofis da niyya ɗaya: in yi shiru. In ba a tono ba, ni ba zan tono ba. Shirun nan kwana shida ya yi. Ranar Litinin Manaja ya kira ni ɗakinsa, ya rufe ƙofa. Ya je gonarsa a ƙarshen mako, ya ce bari ya nuna wa ma'aikatan gonar manhajar da yake taƙama da ita.

"Injiniya, na ja layi arba'in. Mutum ɗaya na gani sau arba'in, yana kallona kamar na ci masa amana. Ma'aikatan suka ce, a'a, ranka ya daɗe, ashe ka san tsoho? Waye wannan?"

"Babana ne."

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Na fara tunanin kwalin da zan zuba kayan teburina.

"Kada ki taɓa shi," in ji Manaja. "Mun yi shekara biyu muna biyan masu zane su yi mana tambari, ba wanda ya san mu. Yanzu har a gona an san tsoho. Ya zauna. Amma jiran nan, Injiniya, ya isa. Masu kaya suna guduwa, sun ce ba a ganin kayansu. Sati biyu na ba ki, ina son hoto ya fito ko a cikin rijiya mutum yake."

Na fito ina murna kamar wawuya. An bar Baba, an bar ni da aikina, me ya fi wannan? Sai da na zauna na fara aikin sannan na fahimci abin da aka sa ni.

Aikin kansa ba ɓoyayye ba ne, duk mai sana'ar nan ya san shi. Na sa babbar kwamfutar kamfani ta riƙa yanka ƙaramin kwafi na kowane hoto daidai girman gurbinsa, kilobait goma sha biyar maimakon megabait huɗu, babban kuma sai mutum ya danna kayan sannan a kawo. Na sa a soke neman hoton duk layin da ya fita daga allo. Na sa wayar ta riƙa sauko da hotunan layi goma na gaba tun yatsa bai kai gare su ba. Ma'ajiyar da a da hoto ashirin da 'yan kai ke cika ta, yanzu za ta ɗauki dubbai. Ni fa in na kama aiki ba na iya yin sa rabi, ciwo ne da na gada, kuma kowa ya san daga wurin wa.

Rana ta tara na rage gudun intanet ɗin wayar gwaji zuwa na bayan tanki, na ja jerin. Firji. Babur. Akuya. Katifa. Na ja da gudu, na ja a hankali, na koma sama. Sau ɗaya na hango gefen kunnen Baba, kafin in ƙifta ido injin markaɗe ya rufe shi. Abokan aikina suka taru a bayana suna tafi. Ni kuwa a raina ina ganin labule a sake da rediyo a kashe.

Abin da na yi daga nan ba na alfahari da shi. Layi ɗaya na ƙara. Duk wayar da sabis ɗinta ke da rauni, ko da hoton ya iso, ko da yana cikin ma'ajiya, a riƙe shi daƙiƙa uku tukun, a nuna Baba. Daƙiƙa uku ai ba kisan kai ba ne. A ofis ba wanda zai gani. Na ce wa Manaja zan je in gwada a sabis na gaske kafin mu saki, na sa sabuwar manhajar a wayata na nufi gida.

Na tarar da benci uku yanzu. An kafa rumfa. Mai rediyo ya naɗa kansa mai tsara layi, yana raba wa mutane lamba a kan guntun kwali. Na jira aka tashi cin abincin rana, sannan na miƙa wa Baba wayar na ce ya gwada mana, tunda ya fi mu sanin aikin.

Ya goge hannu ya karɓa. Ya ja a hankali. Fuskarsa ta fito layi biyar, sannan kaya suka bayyana. Ya sake ja. Ya sake. Na ga leɓensa yana motsi. Ya koma sama kan firjin da ya riga ya gani, ya sake saukowa, leɓen na ta motsi. Sai ya kife wayar a cinyarsa.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Ɗaya, biyu, uku. Ɗaya, biyu, uku. Kowane karo uku, kuma duka biyar ɗin tare suke fitowa kamar 'yan makaranta. Sabis ba ya haka. Sabis wani ya zo a biyu, wani a hamsin, wani ya kwana a hanya. Sannan firjin nan na riga na gan shi, yana cikin wayar, me zan jira? Wannan jinkirin ba na hanya ba ne. Wannan akwai mai riƙewa."

Na ce wataƙila wani ɗan kuskure ne.

"Shekara talatin da ɗaya ina bayan kanta. Na san wasiƙar da mota ta makara da ita, na san wadda ma'aikaci ya sa a ƙarƙashin tebur don a zo a roƙe shi. Waye ya riƙe?"

Nan fa zuciyata ta hau. Ni ma ina da baki, kuma a gidan na koya. "Ni ce! Ni na riƙe! In na cire, hoto zai riƙa fitowa nan take, ba wanda zai ƙara ganinka, ba wanda zai ƙara zuwa. Benci zai koma makaranta, rumfa ta koma wurin mai ita, kai kuma ka koma ɗaki ka saki labule. Shekara biyu ina zuwa gaida bango, Baba! Tsoro nake ji. Na rasa Inna, ba na son in zauna ina kallo kana bin ta a zaune. Daƙiƙa uku ce kawai, wa za ta kashe?"

Bai yi fushi ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya nuna ƙarshen benci da haɓa. Telar nan tana nan a inda na bar ta, ta sauke goyon tana ba shi ruwa.

"Sati biyar ke nan tana zuwa. Kina tsammani ba na jin daɗin gaisuwarta? Ina ji. Kullum da safe ina aske gemu saboda mutanen nan. Amma ba gaishe ni ta fito yi ba, keke take son sayarwa. Yau uku ce. Gobe benci ya ragu ki ce bari in mai da ita biyar. Ban taɓa riƙe wasiƙar mutum don ya dawo ya ce min ranka ya daɗe ba, ba kuma za a riƙe da sunana ina tsufa ba." Ya miƙo min wayar. "Cire. A gabana."

"In ka koma ɗaki fa?"

"Ban sani ba, Auta. Ba zan yi miki alkawarin abin da ban sani ba. Cire."

Na ciro kwamfutata daga jaka, na ɗora a kan bencin jama'a, na goge layin ina sharar hanci. Ranar Alhamis muka saki sabuwar manhajar.

Abin bai zo lokaci ɗaya ba, don sabunta manhaja a bayan tanki shi ma aiki ne. Gwaggo ce ke kawo min rahoto ta waya, kullum kamar mai karanta sunayen mamata. Kanikan ya daina zuwa. Mai tukunyar gas ta daina. Telar ta sayar da keke kwana huɗu da sakin, ta aiko wa Baba da hula, ita ma ba ta ƙara zuwa ba. An mayar da benci ɗaya, sannan na biyu. An kwance rumfa. A ofis Manaja ya sa an buga fuskar Baba a jikin riguna, ya ƙara min matsayi, yana ta nuna wa baƙi yadda hoto ke fitowa kamar ƙiftawar ido. Ni ko sannu ba na iya amsawa da daɗi.

Sati uku na kasa zuwa gida. Ranar Asabar ta huɗu Gwaggo ba ta kira ba, shirun ya fi kiran tayar min da hankali, na shiga mota. Tun daga kwanar tankin nake leƙen tagar ɗakin Baba in ga ko labule a sake yake.

A sake yake. Na nufi ƙofa da sauri. Sai na ji murya daga gefen katanga, inda inuwa ta koma.

Benci ɗaya ne, mutum uku a kai: mai rediyo, da dattijon nan mai akuya, da wani da ban sani ba. Baba yana kan kujerar roba. Ba biro a aljihu, amma an yi aski. Mai rediyo yana riƙe da waya a kusa da ƙirjinsa yana girgiza kai.

"Har yanzu kai ne, Baba. Yau abin ya yi tsanani."

"To sai haƙuri," in ji Baba. "Ina muka tsaya? Ka ce matar taka ta ce me?"

Na zagaya ta bayan bencin don in gaishe su, idona ya faɗa kan allon mai rediyo. Batura ne reras, layi bayan layi, kowanne da hotonsa tas. Sabuwar manhajar ce, na san aikina ko daga nesa. Na dubi ta mai akuya, shi tasa ma a kashe take. Na buɗe baki, sai Baba ya kamo hannuna ya jawo ni kamar zai amsa gaisuwa, ya yi ƙasa da murya.

"Tun sati biyu ya sabunta. Ina ganin baturan a gilashin tabaransa. Ki rufa masa asiri, yana ƙoƙari."

Mai rediyo ya juyo ya gan ni, ya yi sauri ya kife wayar a cinya, ya haɗe rai irin na wanda aka ɓata wa lokaci.

"Yauwa, ga 'yar kamfani. Ke 'yata, wai yaushe za ku gyara abin nan naku ne? Mutum ya baro shagonsa kullum ya zo ya zauna?"

Na ajiye jakata a ƙasa, na zauna a bakin dakali.

"Muna kai, Kawu," na ce. "Aiki ne mai wuya. Zai ɗauki shekaru."